Kafin ka kulle kuɗinka a bankin Birtaniya

Duk shekara idan watan Satumba ya ƙarato, akwai 'yan Gombe da Bauchi da ke haɗa kaya zuwa Birtaniya, wasu ƙaro karatu, wasu aikin asibiti. Ana yi musu nasiha kan rigar sanyi da yaji da daddawa, amma ba kasafai ake zaunar da su kan maganar banki ba, don kowa na ganin ai ya san banki tun daga gida. To, sanin da aka yi a gida shi ne ke fara rikita mutum.

A wajenmu, yawancin mutane asusun ajiya suke da shi, wanda ake kira sebin. Da shi ake karɓar albashi, da katinsa ake cirar kuɗi wajen mai POS a Tudun Wada ko Wunti, da shi ake tura wa Hajiya kuɗin cefane. Karant kuwa ana ganin na 'yan kasuwa ne da 'yan kwangila: sai ka kawo mutum biyu masu irinsa sun tsaya maka, a ba ka littafin cek, kuma banki na yankar wani abu a kan kuɗin da ke fita. Shi ya sa malamin makaranta a Kumo zai yi shekara ashirin yana aiki bai taɓa buɗe karant ba, kuma babu abin da ya rasa.

A Birtaniya abin ya sha bamban. Asusun da kowa ke rayuwa da shi shi ne wanda za ka ga an rubuta Current account. Shi ne mai kati, nan albashi ke shiga, daga nan kuɗin haya ke fita. Yana da lambobi biyu da za a yi ta tambayarka: Sort code mai lamba shida da lambar asusu mai lamba takwas. Ba a neman masu tsaya maka, kuma irin na gama-gari ba a biyan kuɗin wata a kansa. Abin da ake nema shi ne fasfo, da shaidar izinin zama, da shaidar adireshi, ɗalibi kuma ya karɓo wasiƙa daga jami'arsa. Idan banki ya ƙi ka don ba ka da tarihin hulɗa a ƙasar, ka tambayi Basic bank account. Doka ta ɗora wa manyan bankuna tara su riƙa buɗe shi kyauta, yana da kati, yana biyan haya, bashi ne kawai ba a ba ka a kansa. Ni a ganina wannan ba rashi ba ne ga sabon zuwa.

Dalilin da ya sa karant ya zama dole shi ne yadda ake biyan kuɗi a can. Kamfanin waya da na wuta da na intanet ba sa jiran ka tuna da su. Za ka sa hannu kan abin da ake kira Direct Debit, wato ka ba su izini su ɗebi kuɗinsu da kansu a wata rana ta kowane wata. Haya kuma galibi kai ke ba banki umarni ya riƙa tura adadi kaza ranar kaza, shi ne Standing order. Duka biyun daga karant suke tashi. Asusun ajiya na can yawanci ba shi da kati, ba a ɗora masa waɗannan, kuma idan za ka ciri kuɗi sai ka mai da su karant ɗinka tukuna. Wanda ya shiga banki ya ce shi sebin yake so, kamar yadda ya saba a gida, zai fito da asusun da ba zai saye masa ko burodi ba.

Aikin asusun ajiya a can shi ne riƙe kuɗin da ba na wannan watan ba. Irin wanda aka rubuta wa Easy access, yau ka saka, gobe ka cire, cikin daƙiƙoƙi kuɗin sun koma karant. Ana ba da ƙari a kai, amma banki na iya rage shi duk sanda ya so, in dai ya sanar da kai. Akwai wani mai suna Notice account, wanda sai ka ba da sanarwar kwana 30 ko 60 ko 90 kafin a sakar maka kuɗinka. Ka karanta sunan da kyau kafin ka danna, don a manhajar banki a jere suke, kamar duk abu ɗaya ne.

Sai na ukun, ajiya mai wa'adi, wadda a gida muke ce wa fis difozit. A can za ka gan ta da suna Fixed rate bond ko Fixed term deposit. Kana ba banki kuɗi na wata shida, ko shekara ɗaya, ko biyu, har biyar, shi kuma ya yi maka alkawarin ƙarin da ba zai canza ba har wa'adin ya cika. Kamar ɗan kasuwar hatsi ne da ya sayi wake da kaka ya rufe a sito sai bazara, sai dai shi mai wake makullinsa na aljihunsa, kai kuwa naka yana hannun banki. A gida an saba da wa'adin kwana 30 ko 90 ko 180, kuma idan ta ɓaci sai ka je wajen manaja ka ce a fasa, a yanke maka wani abu daga ƙarin a ba ka uwar kuɗinka. A can, da yawa daga cikin irin wannan ajiya ba a fasa su sam kafin wa'adi, sai in mai ita ya rasu ko wata lalura mai tsanani da aka rubuta a cikin sharuɗɗa. Babu manajan da za ka roƙa, don shi ma ba shi da ikon buɗewa.

Bari mu ɗauki misali. A ce wani ƙaninmu daga Pantami ya sauka Bradford karatun digiri na biyu. Ya biya makaranta, ya rage da fam 4,000. Hayar ɗakinsa fam 500 ce a wata, abinci da mota da waya wajen fam 300. Ya buɗe manhaja ya ga ajiyar shekara ɗaya, mu ƙaddara tana ba da kashi 4.5 cikin ɗari, ita kuma ta saka-ka-cire tana ba da 3.5. Sai ya ce ai zai samu aikin wucin gadi nan da sati biyu, ya kulle fam 3,000 ya bar 1,000 a karant.

Ga lissafin da ya kamata ya yi kafin ya danna. Fam 3,000 a kashi 4.5 za su ba shi fam 135 a shekara. A kashi 3.5 za su ba shi fam 105. Wato duk abin da ya sayar da 'yancin taɓa kuɗinsa a kai fam 30 ne. Yanzu aikin bai samu ba sai bayan wata biyu, abin da ba baƙo ba ne a garin da ɗalibai suka yi yawa. Wata na farko fam 800 sun tafi, saura 200. Ranar 1 ga wata na gaba umarnin haya ya tashi, kuɗin ba su kai ba, banki ya ƙi turawa. Kamfanin waya ma ya zo ɗiba ya koma hannu wayam, kuma irin wannan idan ya maimaitu yana shiga tarihinsa na biyan bashi, wanda masu gidajen haya ke dubawa nan gaba.

In ma bankin ya ba shi damar cin bashi a karant, abin da suke kira Overdraft, manyan bankunan can na cajin kusan kashi 40 cikin ɗari a shekara. Bashin fam 800 na wata biyu zai ci masa kamar fam 45, ya haɗiye fam 30 ɗin nan har da ƙari. Alamar ka faɗa ciki ita ce ka ga ɗan layin ragi a gaban adadin kuɗinka, katin kuma yana ci gaba da aiki lafiya lau. Mutum yana da fam 3,000 nasa na kansa, amma yana bin abokai a masallaci bayan Juma'a yana neman rance.

Da ni zai tambaya, zan ce ya bar kuɗin wata guda da ɗan ƙari, kamar fam 1,000, a karant, sauran 3,000 su zauna a saka-ka-cire, duk ƙarshen wata ya ɗebo abin da zai cike. A shekarar farko ban ga dalilin kulle ko sisi ba. Sauya gida kawai zai iya neman kuɗin jingina har na hayar sati biyar, sannan ga sabunta biza a gaba, inda yawancin manya ke biyan kuɗin lafiya fam 1,035 kan kowace shekarar zama tun 2024. Wanda kuma zai nuna shaidar kuɗi don biza, ƙa'ida ita ce kuɗin su kwana 28 a jere a asusun da za a iya cirarsu nan take. Ajiyar da ba ta buɗuwa tana iya jawo a ƙi takardar. Kullewa ta dace da ma'aikaciyar jinya da ta shekara biyu albashi na shiga, tana da na wata uku a gefe, tana kuma tara kuɗin gini a Tumfure wanda ta san ba za ta taɓa ba sai baɗi. Ita ma ta rubuta ranar cikar wa'adi, don idan ba ta ba da umarni ba, wasu bankunan sake kullewa suke yi, wasu kuma su jefa kuɗin asusun da ba ya ba da abin kirki.

Na san da yawanmu tun daga kalmar kuɗin ruwa za su ja da baya, kuma hukuncin wannan na malamai ne. Abin da zan iya faɗa shi ne karant na gama-gari yawanci ba ya ba da ruwa, sai dai yana caji idan ka ci bashi. Wanda ya saba da Jaiz ko TAJBank a gida zai samu irinsu a can, kamar Al Rayan Bank da Gatehouse Bank. Su ba sa alkawarin ruwa, suna faɗin ribar da suke sa ran samu, za ka ga an rubuta Expected profit rate. Amma wa'adi wa'adi ne a wajensu ma, lissafin ɗan Pantami bai canza ba. Kuma ko wane banki ne, ka duba ko yana ƙarƙashin FSCS, takwarar NDIC tamu, wadda ke biyan masu ajiya idan banki ya durƙushe.

Saura kuɗin da za ka bari a gida. Wasu kan kulle kashi na biyu na kuɗin makaranta a naira, su ce kafin lokacin biya ya haihu. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,400. Babu ajiyar da ta ba da ƙarin da ya rufe wannan giɓin, ga harajin kashi 10 cikin ɗari da ake cirewa daga ƙarin fis difozit. Kuɗin da ka san da fam za ka biya, ka mai da su fam da zarar ka samu hali. Wanda na hidimar gida ne, kuɗin makarantar yara da magani da buhun masara, ka bar shi a sebin ɗinka na da, ka kuma tabbatar layin wayar da ke karɓar lambar sirri ta banki yana aiki kafin ka hau jirgi.