Darasi: Jera ajiyar kuɗi hawa-hawa

A ce manomi a Kumo, jihar Gombe, ya sayar da masara da wake ya tashi da naira 600,000. Idan ya kulle su duka a ajiyar wa'adi ta shekara guda, sai buƙata ta taso a wata na biyar, yana iya zama dole ya fasa ajiyar gaba ɗaya. Bankuna da yawa kan zaftare ribar da ta taru in an fasa kafin lokaci, wasu ma su hana ta duka. Maganin wannan shi ne a raba kuɗin.

Sai ya kasa su kashi huɗu, kowane naira 150,000. Na farko a ba shi wa'adin kwana 90, na biyu 180, na uku 270, na huɗu 360. In ya fara a farkon Janairu, kuɗi zai riƙa fitowa wajen farkon Afrilu, ƙarshen Yuni, ƙarshen Satumba da ƙarshen Disamba. Na Yuni ya dace da taki kashi na biyu, na Satumba kuma da aikin girbi.

Ga inda dabarar take. Duk kason da wa'adinsa ya cika, in babu buƙata, kada a mayar da shi kwana 90. A sabunta shi na kwana 360. Bayan shekara guda dukan kason huɗu sun zama na dogon wa'adi, wanda galibi ya fi riba, amma duk wata uku ɗaya yana fitowa. Idan bankinka ba ya bayar da kwana 270, saka 180, in ya cika ka ƙara 90.

Wanda yake gudun kuɗin ruwa zai iya yin wannan jerin da ajiyar mudaraba a bankin Musulunci irin su Jaiz, sai dai can ribar rabawa ake yi, ba a yanke adadinta tun farko.

Abin da ya fi ɓata jerin shi ne sabuntawa ba da saninka ba. A takardar ajiya akwai wurin da ake zaɓar abin da za a yi ranar cikar wa'adi. In ka bar shi, banki na iya sake kulle kuɗin da tsohon wa'adi, a kan ribar da ake bayarwa ranar. Alamarsa ita ce ranar ta wuce ba ka ga saƙon shigar kuɗi a waya ba. Don haka ka sa ma'aikacin ya karanta maka wurin kafin ka sa hannu, ka kuma rubuta ranaku huɗun a kalanda.

Sa ranar fitowa ta riga ranar buƙata da mako guda aƙalla, domin tana iya faɗawa Asabar ko hutun Sallah. Kuɗin cefane da na asibiti kuwa ba su shiga wannan jeri, a bar su inda za a iya cira kowane lokaci.