Yadda ake amsa tambayar labari a jarrabawar dokar laifuka

Ɗalibai sun yawaita tambaya kan tsarin batu, doka, ɗorawa da matsaya. Ga misalin da za mu bi: a Kano, Bala ya mari Audu a kasuwa. Audu ya tafi gida, bayan awa 2 ya dawo da adda ya sare shi a ka, Bala ya mutu.

1. Karanta labarin sau biyu.

2. Duba jihar da abin ya faru. Kano Final Kod ce, kada ka jawo Kiriminal Kod ta kudu.

3. Rubuta batun a jimla ɗaya: kisa ne mai hukuncin kisa, ko tunzuri zai sassauta shi?

4. Kawo dokar. Sashe na 221 yana buƙatar mutuwa, da cewa aikin wanda ake tuhuma ne ya jawo ta, da niyyar kisa ko sanin cewa mutuwa ce mafi yiwuwar sakamako. Sashe na 222(1) ya tanadi tunzuri mai tsanani, na nan take.

5. Ɗora kowane sharaɗi a kan labarin. Sara da adda a ka yana nuna niyya. Mari tunzuri ne, amma awa 2 da zuwa ɗauko makami sun nuna zuciya ta samu lokacin hucewa.

Hattara: a nan ake zubar da maki. Da yawa sukan maimaita labarin kawai. Kowace jimla ta ƙunshi "saboda". Ba wannan mataki rabin lokacinka.

6. Yanke matsaya ɗaya: kariyar tunzuri da wuya ta tsaya, Audu ya faɗa sashe na 221.