Yadda na gano kuskuren sauya tsarin tarawa a jeri mai ninki biyu

Kwana biyu na yi a nan Sakkwato ina fama da wani jeri mai ninki biyu da nake shirya wa ɗalibaina, domin idan na fara tara layuka ina samun 0, idan kuma na fara da ginshiƙai sai in sami 1. Ga jerin, inda m ke nuna layi, n kuma ginshiƙi, kowannensu yana farawa daga 1 ya ci gaba ba iyaka:

```
a(m,n) = 1   idan m = n
a(m,n) = -1  idan n = m+1
a(m,n) = 0   a sauran wurare
```

Da farko na zaci alama na ɓata, na sake lissafi sau uku, amsa ba ta canja ba.

Abin da ya warware matsalar shi ne na zana jadawalin a takarda. Kowane layi yana da 1 da -1, saboda haka jimlarsa 0 ce. Ginshiƙi na farko kuwa 1 kaɗai yake da shi, sauran duk suna ba da 0. Daga nan na cire alamar ragi na tara |a(m,n)|, sai na ga kowane layi yana ba da 2, wato jimlar ba ta da iyaka. Ashe sharaɗin ƙa'idar Fubini ne bai cika ba, domin ba ta lamunce sauya tsari sai jimlar |a(m,n)| tana da iyaka. Da a ce babu adadi mai ragi a jerin, ƙa'idar Tonelli ta isa a sauya kai tsaye.

Alhamdu lillahi, hankalina ya kwanta.