Yadda na gano wayar da ta tsayar da ofis gaba ɗaya

Da safiyar Litinin dukkan kwamfutocin ofishin suka daina ganin juna, firinta ta yi shiru, intanet kuma ta tsaya. Da na buɗe akwatin suwici, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin da juna, sai na tarar fitilun dukkan ramukansa suna ƙyaftawa tare babu tsayawa, alamar cewa saƙo ɗaya ne ke kewayawa. Saƙon gama-gari irin na ARP, wanda kwamfuta ke neman adireshin wata da shi, suwici yana tura shi ta kowane rami ban da wanda ya shigo, kuma firam na Ethernet ba shi da TTL, wato ƙidayar da ke kashe saƙo idan ya daɗe yana yawo, saboda haka idan ya sami madauki sai ya yi ta komowa har layi ya cika.

Na riƙa zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ina dakatawa kaɗan ina kallon fitilun. Da na zare ta rami na 14, nan take suka lafa, `ping`, umarnin gwada ko wata na'ura tana amsawa, kuma ya fara samun amsa. Lambar ta kai ni ɗakin taro, inda wani ya ga bakin waya a ƙasa ya cusa shi cikin soket na kusa, alhali ɗaya bakin yana cikin maƙwabcinsa.

Na cire wayar, na kunna RSTP a suwicin, wato tsarin da ke gano madauki ya toshe shi, wanda na tarar a kashe, sannan na rufe ramukan da babu mai amfani da su.