Babi na 7: Aikatau Mai Jela a Turanci

Darasi na 1: Jelar up

A Turanci akwai kalmomin aiki da ke tafe da wata 'yar ƙaramar kalma a bayansu, kamar up ko off ko on. A nan ajin za mu riƙa kiran 'yar ƙaramar kalmar jela. Na ga ɗalibai da yawa sun cika littafi da irin waɗannan kalmomi barkatai, suna hadda, bayan mako biyu duk sun zube. Mu jela ɗaya za mu kama, mu tara 'yan gidanta wuri guda.

Ku fara da Hausarku. Idan aka ce yaro ya ci tuwo, wataƙila ya rage. Idan aka ce ya cinye, to kwano ya koma wayam. Haka sha da shanye. Abin da wannan ƙarshen yake yi a Hausa, shi up take yi a wurare da yawa. Eat shi ne ci, eat up shi ne cinye. Drink shi ne sha, drink up shi ne shanye. Use up kuwa shi ne a yi amfani da abu har ya ƙare ƙaf, kamar gawayi ko kuɗin waya. Fill up, a cika abu taf.

Yanzu ga inda kowa ke tuntuɓe, sai ku natsu. Kana iya cewa drink up the tea, kana kuma iya cewa drink the tea up. Duka biyun daidai ne. Amma da zarar ka cire sunan shayin ka sa it a madadinsa, dole it ta shiga tsakiya: drink it up. Ba a cewa drink up it. A sake faɗa: drink it up. Aikatau a gaba, it a tsakiya, jela a ƙarshe. Idan abubuwan suna da yawa, them ce za ta zauna a wannan gurbin: eat them up. Ɗora yatsa a kan kowace kalma, ka karanta da ƙarfi sau 5. In ka yi kuskure ba komai, dattawan da suka riga ka zama a bencin nan ma sun yi. Sake: use it up. Ina it take? A tsakiya.

Kada a ɗauka kowace up cinyewa take nufi. A stand up, tashi tsaye ne, jelar tana nuna sama. Give up kuma daina abu ne ko saduda. Irin wannan sai dai a riƙe shi shi kaɗai, a rubuta a gefen shafi.

Darasi na 2: Jelar off da kishiyarta on

Off tana nuna rabuwa ko yankewa. Turn off, kashe fitila ko rediyo. Take off, tuɓe riga ko cire takalmi. Cut off, yanke abu ya rabu da jikinsa. On ta juya maganar: turn on, kunna, put on, sanya tufafi.

Kullum ina jin ana cewa off the light, ko on the fan. A kasuwa za a gane ka, amma a takardar jarrabawa malami zai ja jan biro, domin an kawo jela babu jiki. Sai an ce turn off the light.

To, sai it. Turn it off. Take it off. Put them on. Makon jiya na tambaya, fiye da rabin aji suka rubuta turn off it, alhali mun yini a kan wannan. Haba jama'a! Wanda bai buɗe littafinsa a gida ba, ba zan iya zuba masa karatu a ka ba. A tsakiya take, na ce a tsakiya. Kowa ya rubuta turn it off sau 10 kafin ya fita.

Get on da get off, wato hawa mota da sauka, su ba a raba su. Get off the bus ake cewa, a haɗe.

Darasi na 3: Jelar out

Out tana nuna fita waje. Go out, fita. Come out, fito. Take out, fitar da abu. Put out, kashe wuta mai ci. Dokar it tana nan: take it out, put it out.

Darasi na 4: Jelar down

Sit down, zauna. Write down, rubuta. Slow down, rage gudu. Ku yi jimla 3 da write it down, ku kawo ranar Laraba.