Yadda ake rubuta wasiƙar raka rahoton taro

Shugabannin ƙungiyoyin zongo a nan Kumasi sun yi ta tambayata yadda ake rubuta wasiƙar da ake haɗawa da rahoton taron da ba a amince da shi ba tukuna. Ga matakan:

1. Karɓi rahoton daga hannun sakatare, ka karanta shi kafin kowa.

2. Sa kwanan wata a saman wasiƙar.

3. Buɗe da sallama da gaisuwar dattawa, layi ɗaya ya isa.

4. Faɗi wane taro ne, da ranarsa da wurinsa: taron kwamitin masallaci na ranar Asabar a Aboabo.

5. Rubuta ƙarara cewa rahoton na gyara ne, bai zama na ƙarshe ba.

6. Yanke wa'adi. Kwana bakwai ya isa. Hattara, nan ake yawan kuskure: in ka ce "cikin mako guda", kowa zai fara ƙirga daga ranar da takardar ta iso hannunsa. Rubuta ranar kanta, misali Juma'a bayan La'asar, da kwanan watanta.

7. Faɗi abin da za a duba: sunayen mahalarta, shawarwarin da aka yanke, da kuɗi. Sidi 500 kan koma 5,000 a hannun mai buga takarda.

8. Ja kunne cewa kuskuren rubutu ake gyarawa. Wanda ya sake ra'ayi ya jira taro na gaba.

9. Ce a aika wa sakatare gyara a rubuce, da lambar sakin layi.

10. Bayyana cewa wanda ya yi shiru har wa'adi ya cika, an ɗauka ya yarda.

11. Sa hannu.