Yadda “gobe” ke komawa “gone” a wayarka, da yadda za ka hana

Wani tela da nake kai wa ɗinki a Kasuwar Barci ya nuna mini saƙon da ya kusa haɗa shi faɗa da mai ba shi yadi. Abin da ya rubuta shi ne “Alhaji zan turo balance gobe”. Abin da ya isa can kuwa “Alhaji can turn balance gone”. Alhaji bai tsinci komai ba sai kalmomi biyu na ƙarshe, ya ɗauka an ce masa kuɗinsa sun tafi.

Tela ya ɗora wa WhatsApp laifi, har ya goge ta ya sake saukewa. Kuskuren farko ke nan. Manhajar hira ba ta taɓa rubutunka. Allon rubutu ne ke yi, wato Gboard ko Samsung Keyboard ko wanda wayar ta zo da shi. Allon yana da ƙamus, kuma idan na Turanci kaɗai aka saka masa, duk kalmar da bai gani a ciki ba ɗauka yake yatsanka ne ya zame. Da ka danna madannin tazara sai ya musanya ta da wadda ta fi kusa. Duba allonka: b da n maƙwabta ne, don haka a wurinsa “gobe” ai “gone” ce da aka yi wa kuskure. Yana kuma duba kalmar da ta gabata don ya yi hasashen ta gaba, shi ya sa da tela ya jefa “balance” a tsakiya sai allon ya ƙara tabbata Turanci ake yi. Har kalmominmu irin su dare, sake da wake suna ruɗa shi, domin Turanci ma yana da su harafi da harafi.

Wasu kuma sukan je su sauya harshen wayar gaba ɗaya. Ba can matsalar take ba. A Gboard, shiga saitinsa, ka taɓa Languages, sannan Add keyboard, ka nemo Hausa. Amma kada ka tsaya nan, domin a nan mutane da yawa ke yin rabin aiki: su ƙara Hausa, sai su koma danna hoton duniya mai sauya harshen allo a tsakiyar kowace jimla. Mu da muke cakuɗa harshe biyu a numfashi ɗaya, wa zai jure wannan? A shafin harshen ka nemi Multilingual typing ka kunna, ka zaɓi Turanci tare da Hausa, allon ya riƙa duba ƙamus biyu a lokaci guda. Ribar ƙafa kuma, za ka samu ƙ, ɗ da ɓ.

Sai kuskuren da ya fi ɓoyuwa: allon yana koyo daga gare ka. Idan ya sauya maka kalma ka goge ta duka ka sake rubutawa cikin fushi, sau da yawa zai sake sauya ta. Abin yi shi ne ka danna madannin gogewa sau ɗaya tak nan take, kalmarka ta asali ta dawo. Idan kuma wata kalmar banza ta nace tana fitowa a layin shawarwari, danna ta ka riƙe, ka ja ta zuwa kwandon shara. Mu ma da namu laifin: yau “ina son”, gobe “inason”, jibi “inasan”. Wanne zai riƙe?

Sunayen unguwanni da na mutane kada ka jira ya koya. Harafi ɗaya ne tsakanin Kawo da Kano, kuma ba ƙaramin abu ba ne ka ce wa direba ya sauke kaya a tashar da ba ita ba. A saitin Gboard, shiga Dictionary, sai Personal dictionary, ka zaɓi All languages, ka shigar da Kawo, Rigasa, Barnawa da sunayen abokan cinikinka ɗaya bayan ɗaya. Mai iPhone ya yi haka a Text Replacement: ya rubuta kalmar a gurbin Phrase, ya bar Shortcut babu komai.

Idan yawancin rubutunka Hausa ne, kuma da karin harshen garinku, ni dai shawarata ka kashe gyaran kawai. A Gboard yana cikin saitinsa da sunan Auto-correction, a Samsung kuma Auto replace. Ka bar layin shawarwari a kunne, don allon ya nuna maka abin da yake zato, kai ka zaɓa. Asararka ita ce Turancinka zai riƙa fita da kurakuransa. Tela dai wannan ya zaɓa. Ya ce gara Alhaji ya ga “balanse” da ya sake ganin “gone”.